Sanarwar gyara bayan wasa ya goge wa mutane ci gabansu

"Mun gyara matsalar da ta goge wa wasu 'yan wasanmu matakan da suka ci. Me zan rubuta a sanarwar sabuntawa, kuma yaya zan ba su haƙuri?"

Ɗan'uwa, na taɓa faɗawa wannan ramin, kuma sanarwata ta farko ta fi matsalar jawo mana zagi. Cewa na yi an gyara, komai ya dawo. Ashe ba komai ba.

Tamu ga yadda take. In sabis ya yanke daidai lokacin da wasan ke ɗauko ajiyar mutum daga sabar, sai ya ɗauka sabon shiga ne, ya buɗe masa ajiya fanko, ya tura ta ta danne ta gaskiyar. Mu kuwa sau ɗaya a rana muke kwafar ajiya, don haka duk abin da mutum ya ci bayan kwafin ƙarshe ya tafi ke nan. Wani ya turo min hoton allonsa: jiya yana mataki na 47, mun mayar da shi 44, ga sanarwata a ƙasa ya ja mata jan layi.

Da muka sake rubutawa, kusan haka ta fito:

"A sigar 1.4.1, wasu sun buɗe wasa sun tarar an mayar da su matakin farko. Kuskuren daga gare mu yake, ku yi haƙuri. Sigar 1.4.2 ba ta ƙara buɗe sabuwar ajiya sai ta tabbatar babu tsohuwa. Mun dawo da asusun da abin ya shafa zuwa kwafinmu na ƙarshe, amma abin da aka ci bayansa, wanda bai wuce na awa 24 ba, ba za mu iya dawo da shi ba. Abin da aka saya da kuɗi kuwa mun mayar duka. Ku sabunta kafin ku shiga. In har yanzu kuna matakin farko, kada ku goge wasan, ku turo mana lambar asusunku."

Wannan "kada ku goge wasan" ka sa shi inda ido zai fara sauka. Mai jin haushi abin da yake fara yi shi ne ya cire wasan ya sake saukewa, alhali wani lokacin kwafin da ya rage mai kyau a wayarsa yake.

Haƙuri sau ɗaya ya isa, amma ya zama na mai laifi. Kada ka rubuta "in wani ya ji ba daɗi", kada kuma ka ɗora wa sabis ɗinsu. Sabis dama yana yankewa, wasanku ne bai iya jira ba. Kyauta in za ku bayar, ku bar ta a layin ƙarshe, don in ta zo farko kamar toshiyar baki take.

Kafin ka saki sanarwar, ɗauki asusu biyu ko uku da suka lalace da gaske, ka shiga da kanka ka ga matakin da suka koma. Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta.