Me ya sa indiketa ke canza siginar da ya riga ya bayar?

Tambaya: Salam malam. Na rubuta indiketa a TradingView, a tsofaffin kyandir kibiyoyinsa kamar ba sa kuskure, amma da kasuwa na tafiya sai kibiya ta fito ta ɓace, in na sake loda shafin kuma ta koma wani wuri. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun ban ga kod ɗinka ba zargina na kan request.security, umarnin da ke ɗauko farashi daga kyandir na wani tsawon lokaci daban, nan yawanci ake faɗawa.

A ce kana kan kyandir na minti 5 amma kana ɗauko farashin rufewa na awa 1, wato kyandir 12 ke cikin kowace awa. In ka sa lookahead_on da close haka kawai, to a tarihi kyandir ɗin 10:00 za a miƙa masa farashin da awar ta rufe da shi a 11:00, alhali shi 10:05 ya rufe. Ya leƙa minti 55 gaba kenan, dole kibiya ta yi kyau ai, satar amsa ce. Da kasuwa na gudana babu wannan farashin tukuna, shi ya sa komai ke watsewa.

Cire lookahead_on kaɗai bai gama maganin ba. Leƙen zai tsaya, amma awar da ba ta rufe ba close ɗinta na ta motsi, sigina ta kunna ta mutu, kana sake lodawa kuma a lissafa komai da farashin ƙarshe kawai. Ga yadda nake rubutawa:

```
h1 = request.security(syminfo.tickerid, "60", close[1], lookahead = barmerge.lookahead_on)
```

Wannan [1] ɗin ke cewa a ba ka awar da ta riga ta rufe, lookahead_on kuma ya kawo ta tun kyandir na farko na sabuwar awa, a tarihi da a yanzu duk iri ɗaya. Tare suke tafiya, kar ka cire ɗaya.

Ko babu awa 1 a ciki, kyandir ɗin da kake kai ma bai rufe ba, don haka haɗa sharaɗinka da barstate.isconfirmed, sai ya rufe kibiya ta fito.

Sai ta.pivothigh(5, 5) da ake zanawa da offset = -5. Wannan ba ya goge komai, amma sai kyandir 5 sun wuce ake tabbatar da ƙololuwar sannan a mayar da alamar baya, mai kallo ya ɗauka a kan lokaci ta fito. Masu sayar da indiketa na son wannan sosai.

Gwajin kuwa, bar shi ya yi awa biyu ko uku kasuwa na tafiya, ka ɗau hoton allo, ka sake loda, ka kwatanta. Kuma ka sa a ranka bayan gyara sigina za ta riƙa makara, sakamakon gwajin baya ma ya ragu, wani lokacin sosai.