Tambayoyin auna koyarwar malamin jami'a

Tambaya: A sashenmu a jami'ar Tahoua, malami mai sakin maki ne kullum ke yin zarra a takardar ra'ayin ɗalibai. Me za mu tambaya?

Amsa: Malam, ku cire "Kana son malamin?" Wannan farin jini take aunawa. Ku tambayi abin da ɗalibi ya gani da idonsa: "Bayan kwana nawa aka maido muku takardun gwaji?" "An nuna maka inda ka yi kuskure, ko maki kaɗai aka rubuta?" Ta biyun ta fi nauyi a ganina, domin mai ba kowa 16 bisa 20 ba gyara, a nan zai faɗi. Ku raba takardar kafin sakamako ya fito, ba suna, malamin kuma ba ya cikin aji.