Zare biyu, kirge ɗaya: ina MESI take lokacin da lissafi ya ɓace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Gusau. Na rubuta manhaja da C mai zare biyu, kowanne yana yin `kirga++` sau 1,000,000 a kan lamba ɗaya, amma maimakon 2,000,000 sai in ga 1,300,000 da wani abu, kuma sakamakon ba ya tsayawa wuri ɗaya. An koya mana cewa MESI ba ta barin cibiyoyin firosesa su saɓa a kan abin da ke cikin kash. Na sa `volatile`, bai hana ba. Mai gyara a kasuwa ya ce firosesar ce ta fara lalacewa, in kawo kuɗi a canza. Shin MESI ɗin ce ta daina aiki? Saura mako biyu in miƙa aikina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka bar kuɗinka a aljihu, kwamfutarka lafiyarta lau. Da a ce daidaiton kash ya lalace a firosesarka, da ko kunnuwa ba za ta gama yi ba, balle ta jira manhajarka. MESI, ƙa'idar da ke ajiye kowane layin kash a ɗaya daga matsayi huɗu, M, E, S ko I, ta yi aikinta daidai a kowane mataki, kuma duk da haka lissafinka ya ɓace. Bari mu bi layin kash ɗin sawu-sawu ka gani da idonka.

Abin da ka rubuta a layi ɗaya, umarni uku ne a wurin firosesa:

```
mov eax, [kirga]
add eax, 1
mov [kirga], eax
```

Mu ɗauka `kirga` tana kan 41, kuma babu cibiyar da ke riƙe da layin nan mai bayit 64 da take ciki, wato yana matsayin I a wurin su biyun. Cibiya ta farko ta zo karantawa ba ta same shi ba, sai ta aika `BusRd`, wato saƙon neman layin don karatu. Tun da babu wata mai kwafi, memori ya ba ta layin, ta riƙe shi a matsayin E: ita kaɗai ke da shi, kuma bai bambanta da na memori ba. Da za ta yi rubutu a wannan lokaci, da ta wuce daga E zuwa M, matsayin layin da aka canza abin da ke cikinsa, shiru ba tare da ta sanar da kowa ba, kuma wannan sauƙin shi ne ainihin amfanin E a tsarin da Papamarcos da Patel suka bayyana a Jami'ar Illinois a 1984. To amma kafin ta rubuta, sai cibiya ta biyu ita ma ta aika nata `BusRd`. Ta farko, wadda kullum kunnenta ke kan abin da ke wucewa, ta sauka daga E zuwa S, matsayin layin da ake tarayya a kansa, ta biyu ma ta karɓi layin a S. Yanzu kowace ta kwashe 41 ta zuba a rajistarta, ta ƙara ɗaya, tana riƙe da 42.

Cibiya ta farko ta riga zuwa rubutu. Ba a rubutu a kan layin da ke S, don haka ta aika `BusUpgr`, saƙon soke kwafin sauran cibiyoyi, kwafin ta biyu ya faɗa I, nata ya hau M, ta rubuta 42. Sai ta biyu ta zo nata rubutun ta tarar layinta ya mutu, ta aika `BusRdX`, wato tana neman layin tare da mallakarsa. Ta farko ta miƙa shi ɗauke da 42 ɗin da ta rubuta, ta koma I. Ta biyu ta karɓa a M, ta rubuta abin da ke rajistarta, 42, a kan 42. An ƙara sau biyu, lamba ta matsa sau ɗaya.

Ka sake duba matakan nan, ba za ka sami inda aka karya doka ba. Babu lokacin da cibiyoyi biyu suka riƙe layin a M tare, babu kuma wadda ta karanta tsohon abu daga kash. Abin da ya tsufa yana cikin rajista ne, kuma saƙon soke layi ba ya isa rajista. Kamar magatakarda biyu ne a shagon hatsi da littafi ɗaya: dokar shagon ta hana su riƙe alƙalami a kansa lokaci guda, amma ba ta hana kowannensu leƙa adadin buhuna, ya rubuta a tafin hannunsa, ya je ya dawo ya ɗora a kan abin da ya gani ɗazu ba.

A nan ne nake son in daɗe, domin kusan kullum sai na gamu da mai cewa tun da kash a daidaite yake, ba a bukatar makulli. Wannan magana tana da haɗari saboda rabinta gaskiya ne. Alkawarin MESI ƙarami ne: a kowane lokaci, layi yana hannun mai rubutu ɗaya ko masu karatu da yawa, kuma duk wanda ya karanta zai ga rubuce-rubucen wuri ɗaya a jeri ɗaya. Ba ta taɓa yin alkawarin cewa layin zai zauna a hannunka daga karatunka zuwa rubutunka ba. Masu yaɗa maganin `volatile` kuwa sun fi ba ni haushi, don suna faɗinsa da ƙarfin gwiwa kamar masu tallar maganin gargajiya a bakin tasha, wai yana tilasta wa firosesa ta tsallake kash ta je memori. Ba haka ba ne. A C, kalmar nan da kompaila take magana: tana hana shi share karatu ko rubutu, ko ajiye lambar a rajista tsawon madauki. Ba ta taɓa kash, ba ta haɗe umarni ukun nan su zama ɗaya. Abin dariyar ma shi ne, in ka cire ta ka haɗa manhajar da `-O2`, kompaila na iya dunƙule madaukin duka ya zama ƙari ɗaya na 1,000,000, sai ka ga 2,000,000 cif ka ɗauka ka warke, alhali ciwon ya ɓuya ne kawai. Irin wannan manhajar ce ke wuce gwaji a ɗakin karatu, sannan ta je ta ci kuɗin mutane a lissafin asusu.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka ba sai ka yarda da ni ba. In kana kan Linux, ka ɗaure zaren biyu a cibiya ɗaya da `taskset -c 0 ./kirga`. Ɓatan zai ragu ƙwarai, domin layin ya daina kai-komo, sai dai idan an sauya zare a tsakiyar umarni ukun. Sannan ka haɗa da `-fsanitize=thread`, zai nuna maka layin da rigimar take.

Gyaran shi ne ka mai da lambar `atomic_int` ka yi amfani da `atomic_fetch_add(&kirga, 1)`. A firosesar Intel ko AMD wannan yana zama `lock add` ko `lock xadd`: cibiyar tana karɓar mallakar layin, ta ƙi sakinsa ga mai nema har sai karatu da ƙari da rubutu sun kammala. Lissafi zai cika, amma kada ka yi mamaki in zare biyu sun fi zare ɗaya jinkiri, tun da layin zai riƙa tsalle tsakanin M da I kusan a kowane ƙari. In sauri kake so, kowane zare ya riƙe nasa kirgen, a tara su bayan `pthread_join`. Sai dai ka kula kada kirgen biyu su zauna maƙwabta a cikin bayit 64 ɗaya, domin MESI layi take gani, ba sunan lamba ba, kuma za su ci gaba da ƙwace wa juna shi ko da ba abin da ya haɗa su. Ka raba su da `alignas(64)`, ka auna lokacin hanyoyin uku, ka sa alƙaluman a rahoton aikinka.