Amsa ga mai tambaya a kan gwada dashbod kafin a kai wa manya

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa kamfanin da nake aiki a Kumasi dashbod, wato allon da ke nuna lambobin kasuwanci a zane, a manhajar Power BI, mako mai zuwa za a kai wa maigida. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau, amma hankalina bai kwanta ba. Me zan tambaye su in san ko sun gane da gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi ina karanta tambayarki raina ya sake ɓaci kamar yau abin ya faru, don wannan "ya yi kyau" ɗin shi ya kunyata ni a gaban jama'a. Mutanenmu ba sa son nuna ba su gane ba, balle a gaban ƙaramin ma'aikaci. Babban mutum mai furfura ba zai buɗe baki ya ce miki zane ya fi ƙarfinsa ba, kai kawai zai gyaɗa.

Ni ma kamfanin rarraba kaya nake wa aiki, shinkafa da mai da sikari, muna da rassa a Aboabo da Tafo da wajen Kejetia. A saman dashbod ɗina akwai akwati mai suna "Outstanding", wato kuɗin da muke bin 'yan kiri bashi. Yana nuna 480K da launin kore, saboda akwatin auna aiki na Power BI, wato KPI, saitinsa na Direction yana zuwa ne a kan "High is good", duk abin da ya ɗara ma'aunin da aka ba shi sai ya yi kore. Na zauna da manajan wani reshe tun kafin taro, na nuna masa shafi bayan shafi, ya ce madalla, aiki ya yi. Ashe tun ranar ya ɗauka kuɗin da aka karɓo ne. Ranar taro ya miƙe yana nuna wa maigidanmu Alhaji koren nan, wai ga irin ƙoƙarin da yaransa suka yi. Akanta ya ce a'a, ai bashi ne ya ƙaru. Ɗakin ya yi tsit. Abin da mutumin nan ya yi shi ne ya juyo ya nuna ni da yatsa ya ce yaron nan bai taɓa nuna masa abin ba, kuma irin waɗannan zane-zanen ruɗa mutane kawai suke yi. Mutumin da ya sha shayi a teburina, ya sa mini albarka! Alhaji bai yi faɗa ba, ya rufe laftof ɗin kawai ya ce a koma Excel. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a muna gaisawa, amma zuciyata ba ta manta ba. Ko haƙuri bai taɓa ba ni ba, Allah ne shaida.

To ki daina nuna musu, ki daina yi musu bayani. Ranar da aka saki dashbod ba za ki zauna kusa da kowa ba, don haka duk bayanin da kika yi lokacin gwaji kin rufe ɓarakar da kike nema ne. Ki ɗauki mutum ɗaya, ku zauna ku biyu, ban da ogansa. Ki ce masa zanen ake gwadawa ba shi ba, duk inda ya tsaya laifin zanen ne. Buɗe shafin farko kamar daƙiƙa biyar, ki rufe, ki ce: "Malam, me ka gani? Kasuwa na tafiya ko akwai matsala?" Da na yi wa manajan nan wannan tambayar kaɗai, da kansa zai ce ya ga kore, komai lafiya, da an kama abin tun a ofishina. Gyaran kuwa bai kai minti ɗaya ba: a mayar da Direction zuwa "Low is good", a sauya sunan akwatin ya faɗi abin da yake ƙirgawa a fili.

Daga nan ki ba shi aiki irin wanda yake yi kullum. Ki ce: "Alhaji ya kira yana tambayar wane reshe ne cinikin mai ya fi faɗuwa watan jiya, nemo mini." Sai ki yi shiru, ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani yana dannawa. Shirun nan da wuya, hannunki zai riƙa ƙaiƙayin karɓe linzamin, amma ki daure. In ya tambaye ki "wannan mene ne?", ki mayar masa: "Kai me kake zaton shi ne?" Ki rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta. Ki kuma kalli hannunsa da fuskarsa. Wanda ya matso da ido jikin allo, ko yake kai-komo tsakanin zane da mabuɗin launuka, ko ya zaro waya zai yi lissafi da kalkuleta, ya riga ya gaya miki inda zanen ya gaza.

Tambayar da ta fi yi mini amfani daga baya ita ce in ɗora yatsa a kan lamba ɗaya in ce: "Karanta mini wannan, na wane lokaci ne, na wane reshe?" Wata mai kula da sito ta karanta jimillar ciniki ta ce ta dukan kamfani ce, alhali filta na kan Tafo kaɗai, ƙaramin rubutu a gefe wanda idonta bai kai ba. Wani kuma ya ga layin da ke tara ciniki tun daga Janairu ya ce kasuwa sai hawa take. Irin wannan layin ai kusan kullum hawa yake ko da cinikin wata ya ragu, sai na maye shi da sanduna, kowane wata da tasa. Ki duba kwanan wata ma. Mu a Ghana 03/04 uku ga Afrilu ne, amma in saitin fayil ɗin na Amurka ne, huɗu ga Maris yake nufi. Ni yanzu sunan watan nake sawa.

Af, kafin in manta, waya. Manyanmu da yawa ba za su taɓa buɗe Power BI ba, wani yaro ne zai ɗauki hoton allo ya tura musu ta WhatsApp. A hoto babu dannawa, babu ɗan bayanin da ke fitowa in an ɗora linzami a kai, sau da yawa ma an yanke gefen da filta take. Ki tura wa kanki hoton ki duba ko zai iya tsayawa shi kaɗai. Kuma don Allah ki matsa wa masu shigar da bayanai su daidaita rubuta sunan reshe, ni na sha ganin Aboabo ta rabu gida biyu saboda wani ya ƙara harafi, wannan ma wani ciwon kan ne.

Ba sai kin tara mutane da yawa ba. Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta tun 2000 cewa mutum biyar sukan bankaɗo mafi yawan matsaloli, kusan kashi 85 cikin ɗari, matuƙar aikinsu iri ɗaya ne. In akanta da masu sito da manajoji duk za su yi amfani da shi, ki ɗebo daga kowane ɓangare. Abin da mutum biyu suka yi tuntuɓe a kai ki gyara, ki sake gwadawa da wanda bai taɓa gani ba. Shi kuwa babban da zai tsaya ya yi magana ranar taron, ki tabbata ya karanta miki lambobin da bakinsa, sannan ki tura masa saƙo a rubuce na abin da kuka duba tare, da ranar da kuka duba.