Kafin ka biya mai fassara, ina littafin injin?

Malam, ina da shagon surfani a Kano. Wata biyar ke nan da na karɓi sabon inji mai kai shida ƙirar Japan ta hannun wani dila. Tun a wata na biyu kai na huɗu yake tsayawa yana nuna zare ya tsinke, alhali bai tsinke ba. Dilan kullum gobe yake ce mini. Na rubuta wasiƙar ƙorafi mai shafi huɗu da Turanci, ga ta na haɗo maka, ina so a juya ta zuwa Japananci a tura sashen gyara na kamfanin. Na nemi su canza injin, su kuma biya ni naira miliyan 30 na asarar da na yi. Ɗan yayana da ke karatu a can ya ce zai fassara kyauta. In ba shi, ko in biya ƙwararre?

Alhaji, na karanta wasiƙarka daga farko har ƙarshe, kuma kada ka ba kowa ita tukuna. A cikin shafi huɗun nan ka faɗi shekarunka a sana'a, ka faɗi yadda abokan ciniki suka gudu, ka kira injin "marar amfani" har wuri uku. Amma ban ga lambar injin ba. Ban ga ranar da matsalar ta fara ba, ban ga abin da ke fitowa a allo idan ya tsaya ba, ban ga sau nawa yake tsayawa a awa ɗaya ba. Wata uku kana fama da inji, ba ka ajiye ko ɗan littafin naira ɗari biyu kusa da shi ba. Kuskurenka ke nan, kuma ko mai fassarar da ya fi kowa ƙwarewa a Tokyo ba zai iya zuba wa wasiƙa abin da ba ka rubuta ba.

Ka yi tunanin wanda zai buɗe ta. Ma'aikaci ne a sashen gyara, ba shi da ikon sa hannu a kan komai shi kaɗai. Aikinsa ya cika takardar rahoto ya miƙa wa injiniya, injiniya ya duba ya miƙa wa shugabansa. Takardar tana da gurabu: samfurin inji, lambarsa, ranar saye, alamar matsalar, yanayin da take faruwa, abin da aka riga aka gwada. Idan wasiƙarka ta cike masa gurabun nan, za ta wuce gaba a ranar. Idan ba ta cike ba, zai dawo maka da tambayoyi cikin ladabi, ka sake neman mai fassara, ka amsa rabi, ya sake tambaya. Japan na gabanmu da awa 8, lokacin da kake buɗe shago su sun kusa tashi, saboda haka kowace tambaya da amsarta sai ta ci kwana biyu. Idan kuma abin ya faɗa a hutunsu na ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, ko tsakiyar Agusta, ko sabuwar shekara, ka ƙara mako guda.

Ga kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. Dokar kasuwanci ta Japan, a sashe na 526, ta ɗora wa ɗan kasuwan da ya sayi kaya daga ɗan kasuwa nauyin duba kayan ba tare da jinkiri ba, ya sanar da aibi nan take, idan kuma aibin ɓoyayye ne yana da wata shida. Ko wannan dokar ce ke hawa kan cinikinka, ya danganta da abin da ke cikin takardar da ka sa wa hannu, tunda daga dila ka saya. Amma da wannan tunanin mutanen suka saba aiki, kai kuwa kana wata na biyar, duk kukan da ka kai wa dila da baki ne da waya. Yau ɗin nan, kafin a yi maganar Japananci, ka aika wa dilan saƙon imel na layi biyar: lambar inji, abin da yake yi, lokacin da ya fara, da cewa kana neman gyara ƙarƙashin garanti. Ka tattara tsofaffin saƙonnin wayar da ka taɓa tura masa ka ɗauki hotonsu da kwanan wata a jiki. Su ne kawai shaidarka ta cewa ba jiya ka fara magana ba.

Daga nan ka ba injin kwana bakwai na rubutu. Ka je bayansa ka ɗauki hoton farantin ƙarfen da ke manne a jiki. Idan da Japananci aka rubuta, inda ka ga 型式 shi ne samfuri, inda ka ga 製造番号 ita ce lambar ƙira. Ka sa yaron da ke kan injin ya riƙa rubuta lokacin kowace tsayawa, wace allura ce a cikin kan, wane irin zare, wane yadi, da gudun da aka saita. Ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa talatin da ke nuna allo da zaren tare, a gani cewa bai tsinke ba. Ka rage gudu ka ga ko ya daina. Ka kwashe zaren kai na huɗu ka mayar kan kai na biyu, ka ga ko matsalar ta bi zaren ko ta tsaya inda take. Idan ta bi zaren, to ka tsira daga jin kunya, zarenka ne. Idan ta tsaya a kai na huɗu, ka riga ka yi wa injiniyansu rabin aikinsa.

Wuta ma sai ka rubuta, domin ita ce tambayarsu ta farko da zarar sun ga adireshin Najeriya. Garanti kusan ko'ina yana cire lalacewar da wuta marar daidaito ta jawo. Ka sa mita a bakin soket safe da rana da yamma, a wutar gari da ta janareto, ka rubuta abin da ta nuna, ka kwatanta da abin da farantin ya ce injin ke buƙata, ka ambaci sitabilaizar da kake amfani da ita. Ka kuma karanta takardar garantin da kyau, don kayan da aka yi wa kasuwar cikin gida a Japan sukan zo da layin da ke cewa garantin a cikin Japan kaɗai yake aiki.

Bayan mako guda, zuciyar wasiƙarka za ta zama kamar haka, da alƙalumanka na gaskiya a madadin waɗannan: "Kai na huɗu yana tsayawa da alamar tsinkewar zare sau 9 zuwa 12 a awa, a gudun ɗinki 800 a minti. A gudun 600 yana tsayawa sau 7. Zaren ba ya tsinkewa, duba bidiyo na 1. Mun musanya zare da kai na biyu, mun sa sababbin allurai, babu canji. Sauran kawuna biyar lafiya. Ba mu buɗe murfin lantarki ba." Wanda ya karanta wannan zai fara zargin na'urar gano tsinkewar zare ko allon lantarkin kan, kuma duka biyun abubuwa ne da ake aikowa a ƙaramin kwali.

Jimlar ƙarshen nan sai in gaskiya ce za ka rubuta ta. Na san wani mai injin buga takardu da ya kira makanikin unguwa ya buɗe masa, ya yi ɗan walda a allon lantarki, sannan ya rubuta wa kamfani cewa ba wanda ya taɓa. Suka nemi hoton ciki, ya tura, ga tabon dalma a fili. Daga ranar amsarsu ta koma layi biyu da farashin kayan gyara. Da ya faɗa tun farko, da akwai sauran magana. In wani ya buɗe naka, ka faɗi wane ne, yaushe, me ya yi.

Miliyan 30 kuwa, cire ta. Da wuya ka ga garantin inji da bai fito fili ya ce kamfani ba ya biyan ribar da aka rasa ba, sashen gyara kuma ba ya biyan diyya. Abin da adadin zai jawo maka shi ne a ɗauke wasiƙar daga teburin injiniya a kai wa lauyoyi, inda ba mai gaggawa. Kawuna biyar suna aiki, ta ina za ka nuna asarar, kai da ba ka da littafi? Haka neman sabon inji saboda kai ɗaya. Ka nemi abin da mutumin zai iya amincewa da shi: su bayyana musabbabi, su aiko da kayan gyara kyauta ƙarƙashin garanti, su faɗi wanda suka yarda ya ɗaura, su amsa kafin rana kaza, kamar kwana goma na aiki. Ka ƙara layi ɗaya cewa wannan wasiƙa ba ta soke wani haƙƙinka ba. Batun kuɗi tsakaninka da dila ne, shi ya karɓi kuɗinka, kuma ka sa shi a kwafin wasiƙar, don mai yiwuwa ne kamfanin ya mayar da kai wurinsa ko wurin wakilinsu na yankin.

Yanzu fassara. Ka biya wanda ya saba da takardun injina. Shafi ɗaya ne, kalma 300 ko ƙasa. A Japan akan caji wajen yen 20 zuwa 30 a kan kowace kalmar Turanci, ka ga bai kai abin da kai ɗaya ke rasa maka a 'yan kwanaki ba. Ɗan yayanka yana iya jin Japanancin aji da kasuwa sarai, amma wasiƙar kamfani tana da nata salon girmamawa, sunayen sassan inji kuma dole su zama waɗanda ke cikin littafin bayanin da kamfani ya haɗo da injin. Ka tura wa mai fassarar shafukan littafin tare da hotuna. Ka gaya masa ya yi ladabin da aka saba a buɗewa da rufewa, ya sa 御中 bayan sunan sashen tunda ba mutum ɗaya kake rubuta wa ba, amma kada ya tausasa buƙatarka ko ranar da ka sa. Lambobin inji da saƙon allo a bar su yadda suke. Kwanan wata a rubuta shi cikakke, shekara da wata da rana, domin 4/3 da kake nufin 4 ga Maris, ma'aikacinsu 3 ga Afrilu zai karanta. Ka sa wa sakin layi lamba, Turanci da Japananci gefe da gefe, don amsa ta zo a kan lamba.

Ɗan yayan naka ga aikinsa: ka ba shi Japanancin kaɗai, ba tare da ya ga asalin ba, ya karanta maka da Hausa ta waya. Japananci yakan bar wanda ya aikata abu ba a ambata ba, saboda haka ka saurara da kyau ko ya fito fili wa ya gwada me, wa ya buɗe, wa bai buɗe ba. Idan amsa ta zo ma shi zai karanta maka. Ka gargaɗe shi kada ya yi maka albishir don ya ga sun ce za su duba lamarin, wannan ba alkawari ba ne, in kuma suka ce abu yana da wuya, yawanci sun ƙi ke nan. Abin da za ka nema a amsar shi ne lambar rahoto, sunan kayan da za su aiko, da rana. In babu ko ɗaya, ka sake rubutawa a kan lambar sakin layin da ba su amsa ba.