Ciwon kai da gani dishi-dishi ga mai juna biyu

Tambaya: Cikina wata bakwai, na fari ne. Kwana biyu ke nan kaina na sarawa, na sha farasitamol bai sauka ba, idona kuma yana gani dishi-dishi. Surukata ta ce laulayi ne. In jira ranar awo?

Amsa: 'Yar'uwa, ki tafi asibiti yau ɗin nan, ko da dare ne. Ni ungozoma ce, kuma abin da kika faɗa ya yi kama da hawan jinin masu ciki, wanda kan taso bayan mako 20, musamman a cikin fari. In aka bar shi yana iya kaiwa ga jijjiga, abin da a gida akan ɗauka iska ce a kama hayaƙi.

Za a ɗaura miki abin awo a damtse kina zaune, bayan kin ɗan huta. In ya kai 140/90 za a sake aunawa, a kuma tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarinki a ga ko furotin na zuba. In ya kai 160/110 kwantar da ke za a yi, a ba ki maganin sauke jini da allurar da ke hana jijjiga. Wani lokaci sai an haifar da jaririn kafin lokacinsa cutar ke lafawa.

Kumburin ƙafa kaɗai bai cika tayar mana da hankali ba. Amma in fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ko kika ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ki gaya musu tun daga bakin ƙofa, kada ki bi layi.