Zanen anime: kamannin mai hoto ake saye

Tambaya: Ina da ƙaramin shagon buga hoto kusa da babbar kasuwar Maradi. Na fara mayar wa mutane hotunansu zanen anime, irin katun ɗin Japan, da manhaja ina bugawa a riga da kofi, amma ana yawan dawo mini da aiki, wai ba su ba ne. Ido ya koma shuɗi, kitso ya warware, tsagar fuska ta ɓace. In bar sana'ar ne, ko akwai gyara?

Amsa: Ƙanena, fara da lissafi. A ce riga da bugu sun ci maka jika 2, ka sayar jika 3. Riga ɗaya in ta dawo, ta cinye ribar biyu, kuma ba wanda zai sayi riga mai fuskar wani. Saboda haka kada inji ya taɓa riga sai mai hoto ya ga zanen a waya ya ce shi ne, ya kuma ajiye rabin kuɗi kafin alƙalami.

Manhajojin da ke mayar da hoto anime sun koyi zane ne daga tarin hotunan anime na Japan, inda fata fara ce sumul, gashi a miƙe, ido kowane launi. Duk abin da ba su saba gani ba, sai su ɗauke shi datti su share. Tsaga siririya ce, in fuskar ta yi ƙarama cikin hoton ba ta wuce ɗigo kaɗan, ita ke fara tafiya. Don haka ka daina karɓar hoton taron biki da aka yanko kai daga ciki. Ɗauki naka a inuwa da hantsi, daga ƙirji zuwa sama, ka ƙara na gefen dama da na hagu. In turo maka za a yi ta WhatsApp, a turo a matsayin Document, domin ta hanyar da aka saba yana matse hoto ya cinye ƙananan layuka.

Mu ɗauka wani yaro ya kawo hoton mahaifinsa, dattijo Bagobiri daga Tibiri. Kafin ka kunna komai, ɗauki biro ka rubuta a gabansa: tsaga nawa a kuncin dama, nawa a hagu, daga ina ta tashi, ina ta tsaya. Ƙirga kowane ɓangare daban, don ba lallai su zo daidai ba, kuma ƴan gida su ne farkon masu ƙirgawa. Rubuta tabon sallah, wushirya, furfurar gemu. Ka tambaya ko da kyamarar gaba aka ɗauka, saboda wayoyi da yawa suna juya hoto irin na madubi, tawadar Allah ta dama ta koma hagu.

In manhajarka irin ta Stable Diffusion ce, akwai ma'auni mai suna Denoising strength, daga 0 zuwa 1, wanda ke ƙayyade yawan canjin da za ta yi wa hoton asali. Fara daga 0.4 ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da ka kai wajen 0.7 zanen zai yi kyau ƙwarai, amma baƙo ne zai fito. A wurin rubuta wa manhajar umarni ka faɗi launin fata, launin ido da irin gashin ƙarara. Ko da haka, kada ka sa rai inji zai ƙirga tsaga daidai. Bai iya ba. Buɗe zanen a manhajar zane ta ibisPaint X, ɗora hoton asali a kai ka rage masa ƙarfi, sannan ka bi tsagar da hannu a shimfiɗa ta daban, da launi ɗan duhu fiye da fatar. Baƙi wuluk yana mayar da tsaga kamar gashin bakin kyanwa.

Ido bai da wuya: ɗebo launin daga hoton da ka ɗauka, ka cika ƙwayar, ka bar ɗigon hasken nan fari. Kwalli kuwa a bar wa mai shi.

Kitso ya fi cin lokaci. Anime ba ya zana gashi sili-sili, dunƙule yake yi, don haka abin da za ka tsare shi ne hanyar tsagin kai da inda jelar ta kwanta. Shuku ya haɗu a tsakiyar kai, kalaba ta zubo. In ka ga layin goshi ya sauko ko gashi ya rufe kunne, inji ya yi nasa, sai gyara.

Tabon ƙuna ko hakiya a ido, ja mai shi gefe ka tambaye shi. Wani yana so a bari, wani a share.

Farashi kuma ka raba biyu. Zanen danna-ka-karɓa, a ce dala 100, ba gyara, ka faɗa tun farko. Mai aikin hannu, wanda zai ci maka rabin awa ko fiye, a ce jika 2 ban da kuɗin riga, gyara sau ɗaya kyauta, na biyu da kuɗinsa.